Hoton gonar masara guda uku: wacce ke da lafiya, wacce tsutsa ke ci, wacce fari ya taɓa?

Mai noma daga nesa, wato ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke zaune a birni gonarsa tana ƙauye, yawancin hukuncin da yake yankewa a damina a kan hoto yake yanke shi. Ƙane ko yaron gona ya turo hotuna ta waya, ya biyo da saƙon murya cewa ana buƙatar kuɗin magani ko na taki, shi kuma ya dubi hotunan ya zaɓi inda ɗan abin da ke hannunsa zai tafi. Matsalar ita ce ido ya fi saurin yarda da kore. Gonar da ta fito shar a hoto ita ake ɗauka mai lafiya, wadda ta fito a yamutse kuma a ce ta lalace, alhali sau da yawa lissafin a juye yake.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce mutum yana da gonakin masara uku a wajen Giwa ta jihar Kaduna, kowacce kusan hekta ɗaya, iri ɗaya aka shuka musu a cikin mako guda, an zuba musu takin kamfa, an yi noman firi. Yanzu masarar ta cika mako huɗu tana neman gwiwa, ruwa kuma ya ɗauke kusan kwana goma. Kuɗin da ke hannu ba zai yi aiki uku a lokaci ɗaya ba. An turo masa hoto ɗaya daga kowace gona. Ta farko kore ce mai duhu, ganye ya rufe kunya, abin gwanin sha'awa. Ta biyu ganyenta ya nannaɗe ya miƙe tsaye, launinsa ya koma kore mai toka-toka, ana hango ƙasa fara tsakanin kunyoyi. Ta uku ganyenta a buɗe yake amma ya koɗe, na ƙasa ya fara rawaya. In aka tambayi mutum goma, tara za su ce ta farko ce zakara, ta biyu kuma a yi mata addu'a. Ni dai ba zan ce komai a kan waɗannan hotuna uku ba sai an amsa mini wasu tambayoyi.

Abin da hoton kansa ke ɓoyewa

Tambaya ta farko: ƙarfe nawa aka ɗauki kowane hoto? Masara tana naɗe ganyenta da tsakar rana idan ruwan da take fitarwa ta ganye ya fi wanda saiwa ke iya jawowa, kuma wannan dabara ce ta rage asarar ruwa. Gona guda, in ka ɗauke ta da ƙarfe bakwai na safe sannan ka sake ɗaukar ta bayan azahar, za ka rantse gonaki biyu ne. Yaron gona kuwa yakan bi gonakin ne ɗaya bayan ɗaya, ya isa ta kusa da hantsi, ya isa ta nesa rana ta take. Ka ga ke nan an zalunci ta nesa tun kafin a fara kwatanci.

Ta biyu: daga ina ya tsaya? Layin bakin gona, musamman na gefen hanya, yana samun haske da sarari fiye da na ciki, don haka ya fi kauri da tsayi. Wani lokaci kuma akasin haka ne, inda dabbobi ke ratsawa ko bishiya ta yi inuwa. Hoton da aka ɗauka a tsugune yana ƙara wa masara tsawo, wanda aka ɗauka ana fuskantar rana yana sa ganye ya yi haske kamar ya yi rawaya, wanda kuma aka ɗauka cikin hadari yana sa kore ya yi duhu. Waya ma da kanta tana gyara launi ba tare da an sa ta ba, kuma kowace waya da irin nata gyaran. Saboda haka kada ka kwatanta koren hoton da aka ɗauka da waya ɗaya da na wata wayar dabam. Sannan in an tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, ƙananan abubuwa irin su ƙwan tsutsa da kankarar ganye su ɓace. A ce wa mai turowa ya zaɓi Document wurin turawa, hoton zai iso da cikakken kyansa, ka iya zuƙo shi.

Abin da nake nema daga kowace gona hoto huɗu ne, da waya ɗaya, da safe kafin rana ta yi zafi. Ɗaya daga nesa, a tsaye, rana tana bayan mai ɗauka, mutum yana tsaye a cikin masarar don a ga tsayinta. Ɗaya daga sama kai tsaye cikin zuciyar masarar, wato inda sabon ganye ke fitowa a naɗe. Ɗaya na ganyen ƙasa, an ɗago shi a tafin hannu. Na huɗu kuma na ƙasa ce: a tona rami zurfin taƙi a gefen kunya, a damƙo ƙasar ƙasan ramin a matse, a buɗe hannu a ɗauka. Kuma duk a shiga tsakiyar gona a yi su. Wanda ya yi ƙorafin wahala, a tuna masa kuɗin buhun yuriya.

Gona ta farko: kore mai duhu

Hoton nesa bai canza ba, har yanzu ita ce ta fi kyan gani. Amma hoton zuciya ya nuna wani abu. A kan sababbin ganye akwai wurare farare da aka kankare koren aka bar fata siririya da haske ke ratsawa, akwai ramuka masu yagaggen baki, kuma a can cikin zuciyar an tara wani abu mai kama da jiƙaƙƙiyar dussa. Wannan kashin tsutsa ne, kuma shi ne shaidar da ta fi kowacce ƙarfi. Tsutsar da ke barin irin wannan tari ita ce wadda aka fara gani a Afirka a farkon 2016, Najeriya tana cikin ƙasashen da aka fara tabbatar da ita, masana suna kiranta Spodoptera frugiperda. In aka ware zuciyar aka fito da babba, za a ga alama mai siffar harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da ƙarshen jikinta. A sa a ɗauki hotonta a kan tafin hannu, kai da wutsiya, don wannan ne zai raba ta da tsohuwar tsutsar kara da manoma suka sani tun da can.

Bambancin yana da amfani wurin kashe kuɗi. Tsutsar kara takan bar ƙananan huji a jere a gicciyen ganye, daga baya ta shige cikin kara, inda feshi ba ya kai mata, sai dai ka ga zuciyar ta bushe alhali ganyen waje yana kore. Sabuwar kuwa tana zaune ne a cikin zuciya tana ci, kuma muddin tana nan ana iya kai mata magani.

To amma ganin huji kaɗai ba dalilin feshi ba ne, kuma a nan ne kuɗin mutane da yawa ke zubewa. Ganyen masara yana fitowa daga ciki ya buɗe zuwa waje, don haka hujin da kake gani a ganyen da ya riga ya buɗe labarin mako ɗaya ko biyu da suka wuce ne. A lokacin zafi tsutsar tana gama cinta cikin kamar mako biyu, ta sauka ƙasa ta shiga kwanciya kafin ta fito a malam-buɗe-littafin dare. Idan hoto ya nuna tsofaffin ganye a yage amma sabon da ke fitowa sumul yake, kashin kuma ya bushe ya yi fari, mai ɓarnar ta riga ta tafi, feshi a ranar wankin ganye ne kawai. Idan kuwa kashin danye ne kuma kankarar tana kan ganyen da ke fitowa yanzu, tana ciki. Kankarar da babu huji a cikinta alama ce ta ƙananan tsutsotsi, kuma su ne magani ya fi kamawa. Manya sun fi taurin kai, ga shi suna toshe bakin zuciyar da kashinsu.

Saura tambayar yawa. Hoton tsiro ɗaya ba ya gaya maka ko gonar duka ce ko shi kaɗai ne, kuma mai ɗaukar hoto, in yana son a turo kuɗin magani, ya san tsiron da zai ɗauka. Hanyar da malaman gona ke koyarwa ita ce a bar layukan baki, a ratsa gonar a karkace cikin siffar harafin W, a tsaya wuri biyar, a kowane wuri a duba tsiro goma a jere, a ƙirga masu sabuwar ɓarna. Tsiro hamsin ke nan. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ga ƙananan manoma shi ne, in masara tana ƙarama a yi magani idan kusan kashi 20 cikin ɗari sun kamu, in ta girma tana tunkarar fure kuma sai ya kai kusan kashi 40. A misalinmu, a ce an ƙirga 23 cikin 50 a gona ta farko. Kashi 46 ke nan, ya wuce ma'auni ko ta wane gefe aka auna shi. Wannan gonar ba ta da lafiya, ƙoshi kawai take da shi, kuma ƙoshin ne ya rufe ɓarnar a hoton nesa.

Gona ta biyu: naɗaɗɗen ganye

Hoton farko bayan azahar aka ɗauke shi. Na safe ya iso, ganye ya buɗe, raɓa tana kansa, koren ya dawo ko da yake bai kai na gona ta farko duhu ba. Zuciya tsaf take, an ƙirga 4 cikin 50 masu ɓarna, kashi 8 kacal. Tsayin masarar ɗaya ne daga wannan kunya zuwa waccan, babu giɓi a layi. Ƙasar da aka matse ta ɗan haɗu sannan ta wargaje, alamar akwai ragowar laima a ƙasa amma tana ƙarewa, kuma da ma gonar jigawa ce.

Wannan ƙishirwa ce ta gaskiya, amma ba ta kai ga illa ba. Ma'aunin da na fi yarda da shi a hoto shi ne na asuba: masarar da ta naɗe da rana ta buɗe da dare tana kare kanta ne, wadda kuwa gari ya waye tana naɗe ta shiga matsala. Mataki na gaba shi ne ganyen ƙasa su fara ƙonewa su bushe, abin yana hawa sama. Fari yana da wata siffa da ke bambanta shi a hoton nesa: yana bin ƙasa ne, ba ya tsallake-tsallake. Yana farawa daga kan tudu da wurin yashi da gindin bishiya, ya sauko a hankali, tsiron da ke kwari ya fi daɗewa a miƙe. Duk tsiron da ke wuri ɗaya halinsu ɗaya. Ɓarnar tsutsa kuwa a warwatse take, wannan ya kamu, na kusa da shi lafiya lau.

Shekarun masara su ne rabin hukuncin. A mako na huɗu, ɗaukewar ruwa na kwana goma yana rage mata saurin girma, amma in ruwa ya dawo tana murmurewa. Da wannan hoton ne aka ɗauka a lokacin da furen kai ke fitowa da gashin goyo, da maganata ta sha bamban. Kusan mako biyu kafin fure zuwa mako biyu bayansa shi ne lokacin da masara ba ta jure ƙishi. Furen kai yana zubar da garinsa cikin kamar mako guda ko da ruwa ko babu, gashin goyo kuwa ƙishi yana jinkirta fitowarsa. Kowane silin gashi ƙwaya ɗaya yake wakilta, in ya fito bayan garin fure ya ƙare, ƙwayar nan babu ita. Don haka a hoton masarar da ta yi fure, abin dubawa shi ne ko kai da gashi sun fito tare. In ka ga kawuna sun buɗe ko'ina har sun fara bushewa amma goyo babu gashi, ka rage buhunan da kake lissafi ko da ruwa ya sauka a daren.

Akwai mai kwaikwayon fari da ya kamata a cire daga zargi kafin a ce ƙishi ne, wato wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Tana manne wa saiwar masara a ƙarƙashin ƙasa tana tsotsa makonni kafin ta fito a gan ta da furenta mai ruwan hoda. Masarar da ta kama takan tsumbure, ta yi yaushi, ganye ya yi dabbare-dabbare kamar an ƙona, kamar dai fari. Bambancin yana cikin hoton ƙasa da hoton nesa: ƙasar da aka matse ta dunƙule da danshi amma masara tana yaushi, kuma abin tsibiri-tsibiri ne, gajeru a nan dogaye a can, galibi a wuraren da aka gan ta bara. In mai gona ya tuna cewa gonar ta yi furen wuta-wuta a daminar da ta wuce, to ruwan sama ba zai warware masa matsalar ba. Maganar ta koma ta badi: juya shuka da waken suya ko gyaɗa, tuge ta kafin ta zubar da iri, da neman irin da ke jure mata, kamar wasu daga cikin jerin SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya. A misalinmu babu wannan tarihin, tsayi kuma ɗaya ne, don haka mun wanke ta.

Gona ta uku: koɗaɗɗen ganye

Wannan ta fi sauƙin karantawa, muddin an ɗauki ganyen ƙasa da kyau. Rawayar ta faro daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya tana shigowa cikin siffar harafin V, gefunan ganyen kuma sun rage kore. Ganyen sama sun fi na ƙasa kore. Wannan yunwar sinadarin da yuriya ke bayarwa ce, wato naitirojin: idan ya yi ƙaranci, masara tana kwashe shi daga tsofaffin ganye ta kai wa sababbi, shi ya sa na ƙasa ke fara nunawa. Da gefen ganyen ne ya ƙone tsakiya ta rage kore, da ƙarancin sinadarin fotash ne, kuma yuriya ba ta maganinsa. Da kuma sababbin ganye ne suka fito da siraran layuka farare masu yankewa a tsawon jijiya, a kan tsiro ɗai-ɗai a warwatse, da cutar zane ce da wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa, wadda babu taki ko feshin da ke warkar da tsiron da ya riga ya kamu.

Sai dai rawayar V tana da uwa fiye da ɗaya. Busasshiyar ƙasa tana hana saiwa ɗaukar takin da ke nan, ƙasar da ruwa ya kwanta a kai ma haka. Saboda haka hoton damƙar ƙasa ne mai raba gardama. A gona ta uku ƙasar ta dunƙule a hannu ba ta wargaje ba, ba ta kuma ɗigar da ruwa ba. Gonar tana gangare, ƙasarta mai ɗan laka ce da ke riƙe laima, kuma ruwan farkon damina mai ƙarfi ya wanke wani kaso na kamfar da aka zuba. Ganye a buɗe yake har da rana. An ƙirga 3 cikin 50 masu tsutsa. Yunwa ce zalla, kuma ta zo daidai lokacin da dama ake zuba taki na biyu, tsakanin mako huɗu zuwa shida.

To ina kuɗin zai tafi?

In tambayar ita ce wacce ta fi lafiya, amsata gona ta biyu ce, wadda hotonta na farko ya fi muni. Tsironta cikakke ne, tsayi ɗaya, zuciya kusan babu tsutsa, kuma abin da ke damunta ba a sayar da maganinsa a kasuwa. Ba ta buƙatar ko sisi a wannan makon. Hasali ma zuba mata yuriya yanzu asara ce: a busasshiyar ƙasa takin ba zai kai ga saiwa ba, in an bar shi a sarari wani kaso zai bi iska, in kuma ya taɓa tsiro ya ƙona shi. A ajiye rabonta sai ruwa ya sauka. Abin da za a nema daga gare ta shi ne hoton asuba duk bayan kwana biyu.

In kuma tambayar ita ce wacce ba ta iya jira, gona ta farko ce. Yunwar gona ta uku za ta iya haƙuri na wasu kwanaki, tsutsa kuwa kullum girma take, kuma kowace rana da ta ƙara magani yana ƙara gaza mata. Ga shi ruwa ya ɗauke, babu ruwan sama mai ƙarfi da zai wanke ƙananan daga zuciya kamar yadda yakan yi. Feshin kuma sai an yi shi yadda ya dace: da yamma liƙis ko da sassafe, bakin famfo yana kallon cikin zuciyar kowane tsiro, ba a watsa a kan ganye ana wucewa da sauri ba. Magungunan da ke ɗauke da emamektin suna cikin waɗanda aka fi samu a shagunan kayan gona don wannan tsutsa. A bi awon da ke jikin kwalba, mai feshi ya rufe hanci da jiki, kuma kada a maimaita magani iri ɗaya damina bayan damina. Bayan kwana uku zuwa huɗu a sake turo hoton zuciya. Tsofaffin ramuka suna nan ba za su toshe ba, kada su tayar maka da hankali, abin dubawa shi ne ko sabon ganye yana fitowa babu kankara. A ƙaramar gona ta bayan gida, matse tsutsar da hannu da zuba yashi ko toka a zuciya suna rage ta, amma a hekta guda aikin ya fi ƙarfin hannu.

Abin da ya rage na kuɗi ya tafi gona ta uku, tunda ita ce ke da laimar da za ta karɓi taki a yau. A tona ɗan rami kamar faɗin tafin hannu daga gindin tsiro, a zuba yuriya, a rufe. Buhu biyu zuwa uku a hekta shi ne abin da aka saba ba da shawara a wannan yanki ga wanda ya zuba cikakkiyar kamfa da farko. Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba zai dawo ba, a sama za ka ga canji, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma.

Idan gero ne

Wanda ya saba da masara yakan yi wa gero mummunar fahimta a hoto. Gero a jigawar Daura ko Maraɗi, a makonninsa na farko, yakan yi kamar ba zai rayu ba: siriri, a warwatse, yashi ya fi shi yawa a hoton. Amma yana jure ƙishin da zai durƙusar da masara, kuma in ruwa ya dawo yana fitar da sababbin 'ya'ya daga gindi ya cike giɓi. Don haka a gero naɗewar ganye da rana ba ta cika tsorata ni ba kafin ya ɗauki ciki. Abin da nake ƙirgawa shi ne ramukan shuka nawa suka mutu gaba ɗaya a layi, da yawan 'ya'yan da ke kowane gindi. Shi ma dai lokacin fitar da kai da cika ƙwaya ne ƙishi ke yi masa illar da ba ta gyaruwa.

Alamu uku ne ba a jira da su a hoton gero. Busasshiyar zuciya a tsakiyar koren gindi, wadda in aka ja ta sai ta fito salin-alin, aikin tsutsar kara ce, kuma tana kwana a tsohon karan da aka bari a gona ko aka yi danga da shi. Ganyen da ya koɗe daga gindinsa zuwa rabi, bayansa da farin gari-gari da safe, cuta ce da ke son danshi, wadda daga baya ke mayar da zangarniya tarin ƙananan ganye maimakon hatsi. Irin wannan tsiron tuge shi ake yi a fitar daga gona, taki ba ya tashinsa. Na uku sai bayan kai ya fito: layi mai zagaye zangarniya kamar an murɗa, inda tsutsar zangarniya ta bi tana yanke furanni. Wannan ba a ganinsa daga nesa ko kaɗan, sai an kama zangarniya an juya ta a gaban waya, kuma a ɗauki goma a jere ba wadda aka zaɓa ba.

A masara da gero duka, akwai inda hoton ganye ke tsayawa. Tsiron da ke yaushi shi kaɗai a ƙasa mai danshi, babu huji babu rawayar V, matsalarsa tana cikin kara ko a saiwa. A sa a tuge guda biyu, a wanke saiwar a ɗauka, sannan a tsaga karan biyu a tsaye a sake ɗauka. Rami mai kashi a cikin kara tsutsa ce, ƙasa a cushe cikin gindin da aka rarake gara ce, ƙananan fararen tsiro manne da saiwa kuma wuta-wuta ce da ba ta kai ga fitowa ba.